Fassarar Hoton Allo ko Takarda ga Matafiyi: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan kowane gida a Kano akwai wanda ya taɓa samun irin wannan saƙon: ɗan'uwa yana Makka ko Guangzhou, ya turo hoton wani allo ko kwalin magani, ya rubuta a ƙasa, "Don Allah mene ne wannan?" Tambayoyin nan su ne waɗanda masu taimaka wa matafiya da fassara suka fi maimaitawa. Mun tsaya a kan Larabci da Sinanci, domin daga mahajjata da masu Umara da 'yan kasuwar da ke saro kaya a Chana akasarin hotunan suke fitowa.

1. An turo mini hoto. Me zan fara yi?

Fara da tambayar mai hoton abu uku: a ina ya ɗauka, me yake shirin yi, kuma nan da yaushe. Allo ba ya faɗin inda aka kafa shi, alhali rabin ma'anarsa tana wurin. Rubutun da ke cewa "a rufe daga ƙarfe 10" daban yake idan a ƙofar harami yake, daban idan a ƙofar kantin canji ne. Wanda ke tsaye gaban ƙofa da jaka a hannu yana buƙatar amsa cikin minti biyu. Wanda ya tsinci takarda a ɗakin otal zai iya jira har ka nemi wanda ya fi ka sani.

Ka kuma riƙe tazarar lokaci a ranka. Saudiyya tana gaban Kano da awa 2, Dubai da awa 3, Chana da awa 7. Duk lokacin da ke jikin allon agogon can ne, kuma a haka za ka mayar masa da shi. Kada ka juya masa zuwa agogon Najeriya, sai dai ka tabbatar wayarsa ta koma lokacin garin da yake.

2. Wane irin hoto zan nema idan na farkon bai fito ba?

Hotuna biyu: ɗaya daga nesa mai nuna allon gaba ɗaya da abin da ke kewaye da shi, ɗaya daga kusa mai nuna rubutun. Na nesan ne zai nuna maka kibiya, launi, da jan da'ira mai layi a tsakiya, waɗanda sau da yawa su ne ainihin saƙon. Idan takarda ce, a shimfiɗa ta kan tebur kusa da taga, a kashe fitilar kyamara saboda tana ƙyalli a kan takarda mai santsi, a ɗauki gaba da baya. Doguwar takardar magani a raba ta kashi uku ko huɗu, kowane hoto ya haɗa da layin ƙarshe na wanda ya gabace shi, don ka san babu abin da ya faɗi a tsakani.

WhatsApp yana matse hoto, ƙananan haruffa su narke. A tura ta Document domin ya iso yadda aka ɗauke shi. A WeChat kuwa, wanda mutanenmu na Chana suka fi amfani da shi, a taɓa 原图, wato hoton asali, kafin a tura. Wannan ba son iyawa ba ne: a Larabci ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, a Sinanci ma ɗan layi ɗaya yana sauya kalma. Idan takardar tana da Turanci a ɗaya gefen, kamar yadda akasarin magungunan Saudiyya suke, a turo shi ma, ka gwada su da juna.

3. Na yi allo, na yi Islamiyya. Larabcina zai isa in fassara allon titi ko na asibiti?

Zai kai ka nesa, amma yana da ramukan da ya kamata ka sani. Larabcin alluna ba shi da wasali, kuma kalmomi da yawa sun sami sabuwar ma'ana. Wanda ya haddace Suratu Yusuf ya san سيارة da ma'anar ayari. A titin Jidda mota ce. Ɗalibin tajwidi ya san مخرج a matsayin mafitar harafi. A bango, ƙofar fita ce. حبة da ka sani da ƙwayar hatsi, a bakin mai sayar da magani ƙwayar magani ce. Haɗarin ba ya cikin kalmar da ba ka sani ba, domin ita za ka tsaya ka bincika. Yana cikin wadda ka sani da tsohuwar ma'anarta, ka wuce da gaba gaɗi.

Kalmomin hani su ne farkon abin nema. ممنوع tana nufin an hana, فقط tana nufin "kaɗai", kuma ita ce ke juya allo gaba ɗaya: allon da ke cewa للنساء فقط yana nufin wurin na mata ne kaɗai. Idan gefen hoton ya yanke, sau da yawa irin wannan ƙaramar kalmar ce ke tafiya, shi ya sa muka nace kan hoton nesa a amsa ta 2.

4. Me ya sa ake yawan kuskure a lambobin Larabci?

Saboda wasunsu sun yi kama da lambobin boko amma ba su ba ne. Biyar, ٥, kamar sifili take. Sifilin kansa, ٠, ɗigo ne kawai, wanda a hoto mai dishi-dishi za a ɗauka ƙura ce. Shida, ٦, ta yi kama da bakwai ta boko. Bakwai, ٧, da takwas, ٨, sifa ɗaya ce an kifa ta: mai buɗe baki sama ita ce bakwai. Biyu da uku, ٢ da ٣, haƙori ɗaya ne tsakaninsu. Don haka tarar Riyal ٥٠٠, wato 500, tana iya zama 5 a idon wanda bai lura da ɗige-ɗigen ba, lambar bas ٦٥ kuma a karanta ta 70.

Abu na biyu, ko da yake rubutun daga dama yake tafiya, lamba daga hagu ake karanta ta: ٢٥ ashirin da biyar ne, ba hamsin da biyu ba. Idan lambar ƙofa ce, ko ta bas, ko ta tanti a Mina, ka aika masa da ita ta sifa biyu, ta boko da kuma yadda zai gan ta a bango, domin da idonsa zai neme ta.

5. Yaya zan karanta kwanan wata ba tare da na juya shi ba?

Mutanen Chana suna farawa da shekara, sai wata, sai rana. 2026.03.04 huɗu ga Maris ne, ba uku ga Afrilu ba. A kan kayan abinci kuma akwai tarkon da ke sa mutane zubar da abu mai kyau: kwanan watan da aka buga sau da yawa na ranar da aka yi kayan ne, 生产日期, sannan a wani wuri a rubuta tsawon wa'adinsa, 保质期, misali wata 12. Kai ne za ka haɗa lissafin. Abin da aka yi ranar 4 ga Maris 2026 mai wa'adin wata 12 yana da rai har farkon Maris 2027. Ranakun mako ma lamba suke ɗauka, kuma daga Litinin suke ƙirgawa: 星期一 Litinin ce. Wanda ya saba da tsarin Larabci, inda Lahadi ce ta ɗaya, zai iya sa mutum ya je wurin alƙawari kwana guda kafin ranar.

A Saudiyya duba harafin da ke bayan shekara. هـ Hijira ce, م Miladiyya. Amma م ɗin nan idan bayan awa ta zo, yamma take nufi, ص kuma safe. Idan takardar ta zo da kwanan Hijira, kamar wa'adin izini ko ranar ganin likita, a juya shi da kalandar Ummul Ƙura wadda hukumomin can suke aiki da ita. Kada a ƙirga da ganin watan gida, domin akan sami bambancin kwana guda, kuma kwana guda ya isa wa'adi ya wuce mutum yana zaune.

6. Takardar magani ta Sinanci doguwa ce. Dole sai na fassara ta duka?

A'a, kuma yin haka yakan binne abin da marar lafiya yake nema. Takardun suna da kanun da aka sa cikin baka masu kauri. Fara da guda huɗu a wannan jerin: 成份, sinadaran da ke ciki, 用法用量, yadda ake sha da adadinsa, 禁忌, waɗanda aka hana su sha, sai 注意事项, abubuwan kiyayewa. Kafin duk wannan, duba kwalin. Idan akwai jan murabba'i da farin harafi 外 a ciki, maganin na shafawa ne ko na wani amfani a wajen jiki, ba na haɗiya ba. Wannan shi ne abin da za ka fara faɗa, kafin komai.

Kalmomi biyu suna bukatar kulawa ta musamman. 禁用 hani ne kai tsaye: kada wannan mutum ya sha. 慎用 kuwa tana nufin a yi hattara, a nemi shawarar likita. Mai fassara da ya ce "a kula" a duka biyun ya sassauta hanin da ba shi da ikon sassautawa. Misalin yadda ake haɗa wannan duka yana amsa ta 7.

7. Za ku iya nuna misali daga farko har ƙarshe?

A ce yayanka ɗan Kantin Kwari yana Guangzhou. Ƙarfe 4 na yamma a Kano, wato 11 na dare a can, ya turo hoton kwali da takarda, ya ce zazzaɓi da ciwon kai suna damunsa, mai kyamis ya ba shi wannan. A ƙarƙashin sinadarai ka ga 对乙酰氨基酚, wato farasitamol, kowace ƙwaya giram 0.5, daidai da miligiram 500 da aka saba da shi a gida. A wajen adadi an rubuta 一次1片, ƙwaya ɗaya a sha ɗaya. Idan zazzaɓin bai sauka ba a sake bayan awa 4 zuwa 6. Sannan 24小时内不得超过4次, kada a wuce sau huɗu cikin awa 24. Ka lura da 不得, "ba a yarda ba": idan ninkin takarda ya ɓoye ta, jimlar za ta koma kamar umarnin a sha fiye da sau huɗu. A wajen kiyayewa an ce kada a haɗa shi da wani magani mai sauke zazzaɓi, har da wasu magungunan mura, kuma don zazzaɓi kada a wuce kwana 3 ana sha. An hana shi ga mai tsananin ciwon hanta ko ƙoda.

Wannan layin na maganin mura shi zai sa ka koma ka tambaye shi ko ya sha wani abu yau. Sai ya ce e, da ƙarfe 9 ya dama wani garin maganin mura na 'yar leda a ruwan zafi. Ka sa ya ɗauko hoton ledar, ka tarar da sunan nan na farasitamol a cikin sinadaranta, domin magungunan mura da dama a Chana ganye ne haɗe da shi. Fassarar takarda ɗaya ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Ga saƙon da ya dace: "Yaya, sannu da jiki. Kada ka sha yanzu. Wannan farasitamol ne, kuma garin da ka sha ƙarfe 9 ma akwai shi a ciki, takardar ta hana haɗa su. Idan za ka koma kan ƙwayar, ka ajiye garin, ka bari aƙalla ƙarfe 1 na dare agogonku ya yi. Ƙwaya ɗaya a sha ɗaya, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a kwana guda, kada ya wuce kwana 3. Wannan shi ne abin da takarda ta ce. Abin da zan ƙara nawa ne: kwananka biyar da barin Kano, zazzaɓin nan zai iya zama na cizon sauro, kuma wannan maganin ba ya kashe shi. Gobe da safe ka je asibiti, ka gaya musu daga Najeriya ka zo, a gwada jininka. Idan jikin ya tsananta cikin dare, lambar motar asibiti 120 ce." Umarni ya zo farko, adadi ya biyo da lambobi, an kuma raba maganar takarda da ta mai fassara. Kan wannan rabuwar duba amsa ta 10.

8. Na fassara takardar farashi daidai, amma lissafi bai fito ba. Ina matsalar?

Galibi a ma'auni take. Ragin Chana a juye yake da namu: 8折 yana nufin za ka biya kashi 80 cikin ɗari, ragin kashi 20 ke nan. Kayan Yuwan 150 za su koma 120. Wanda ya ce "an rage kashi 80" ya sa yayansa ya shiga shago da tsammanin biyan 30. Harafin 万 dubu goma ne, don haka 3.5万 dubu talatin da biyar ne. 斤 rabin kilo ne, giram 500; cikakken kilo shi ne 公斤. Idan kuma ka ga 起 bayan farashi, ma'anarsa "daga nan ya fara", wato mafi arhar samfurin ke nan, ba lallai wanda ke cikin hoton ba.

Ga masu yadi, a duba ko farashin na 米 ne, mita, ko na 码, yadi. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Wanda ya biya kuɗin mita 1,000, aka auna masa yadi 1,000, ya tashi da mita 914 da ɗoriya, giɓin kusan mita 86. A nemi kuma 起订量, mafi ƙarancin adadin da za a yi oda kafin a sami wannan farashin. Yawanci da ƙananan haruffa ake sa shi a ƙasan takardar, daidai inda hoto ya fi yankewa.

9. An turo mini hoton kwalin abinci ana tambaya ko halal ne. Me zan duba?

Alamar halal a Chana ita ce 清真, kuma ana ganin ta a ƙofar gidajen abincin Musulmi, irin waɗanda suke da yawa a unguwar Xiaobei ta Guangzhou. A jerin sinadarai nemi 猪, alade, da 猪油, kitsensa, wanda ake sawa a biskit da burodi da wasu kayan maƙulashe. Harafin 酒 giya ne, har da 料酒 da ake zubawa a girki. Idan jerin abinci ya ce 肉 kawai, "nama", ba a ambaci saniya ko rago ko kaza ba, a al'adar can naman alade ake nufi in ba a gidan abincin Musulmi ba.

Iyakarka a nan ita ce abin da aka rubuta. Kana iya cewa "ban ga alade ko giya a jerin ba, ban kuma ga alamar halal ba". Cewa "halal ne, ci" hukunci ne da kwali bai ba ka ba, musamman a kan nama, inda batun yanka yake.

10. Akwai wurin da bai fito ba, ko kalmar da nake shakka. In cike da abin da ya fi kama da hankali?

Kada ka cike. Faɗa masa daidai inda giɓin yake: "layi na uku, lambar da ke bayan kalmar awa, ko 2 ce ko 3, sake ɗauko mini wurin." Matafiyi yana ɗaukar duk abin da ka faɗa da nauyi ɗaya, ba shi da hanyar gane wace jimla ka karanta, wace ka ƙiyasta. Saboda haka ka raba saƙonka gida uku da bakinka: abin da aka rubuta, abin da ka fahimta yana nufi a wurin da yake, da shawararka. Kalmomi irin "takarda ta ce" da "a ganina" sun isa su yi wannan aikin.

Idan shakkar ta shafi adadin magani, kuɗi mai yawa ko wa'adin biza, nemi ido na biyu. Larabci ba ya wahalar samu a Kano, daga malaman Sashen Larabci na Jami'ar Bayero zuwa ɗaliban da suka yi karatu a Madina ko Azhar, sai dai ka zaɓi wanda ya zauna a can ya saba da Larabcin ofis da asibiti, saboda dalilin da ke amsa ta 3. Sinanci kuwa, waɗanda suka yi karatu a Chana sun fi dacewa da takarda, domin ɗan kasuwa yana iya jin yaren ciniki sarai amma bai iya karanta haruffan ba. Sunan sinadarin magani kuma a kai wa mai ilimin haɗa magunguna ya tabbatar. Kafin ka tura hoton ga kowa, rufe lambar fasfo da sunan mai shi idan sun fito.

11. In rubuta masa ne ko in yi saƙon murya?

Yi duka biyun. Murya ta fi saurin shiga, musamman ga dattijo ko Hajiyar da karatun boko bai zauna mata ba, kuma a nan za ka yi bayani a tsanake. Amma lambobi, awanni da sunan wuri a rubuce za su tafi, domin ba wanda zai iya laluben "sau huɗu" a tsakiyar saƙon minti uku cikin hayaniyar tasha. Mayar masa da hotonsa bayan ka zagaye wurin da kake magana a kai da jan layi. Idan abin mai nauyi ne, ce masa ya maimaita maka abin da zai yi. A nan ake kama wanda ya ji "bayan awa takwas" ya ɗauka "ƙarfe takwas" aka ce.

Sunan wuri kada a fassara shi. Direban tasi a Guangzhou ba zai gane "Ƙofar Arewa" ba, ba zai gane ta da Turanci ba ma. Bar masa sunan da haruffan asali ya nuna a sikirin, ka rubuta ma'anar a gefe don shi kansa ya san inda za shi.

12. Takardar da aka ba shi tana da wurin sa hannu. Fassarata ta isa ya sa?

Ba ta isa ba. Takardar 'yan sanda, ta kwastan, ta amincewa da tiyata, ko yarjejeniyar ciniki, duk suna ɗaure mutum da abin da ke cikin harshen asali, ba da abin da aka gaya masa a waya ba. Abin da za ka iya yi masa shi ne ka gaya masa wace irin takarda ce, wace hukuma ta fitar da ita, ko akwai adadin kuɗi ko wa'adi a ciki, da kuma ko tana ɗauke da amsa laifi ko yafe wani haƙƙi. Daga nan ya nemi tafinta a wurin kafin ya sa hannu. Alhaji ya tuntuɓi jami'an hukumar alhazan jiharsa da ke tare da su a masauki. Ɗan kasuwa ko mai jinya ya nemi ofishin jakadancin Najeriya, wanda yake da ƙaramin ofishi a Jidda da kuma Guangzhou. Idan an matsa masa, ya roƙi kwafi, ya ɗauki hoton kowane shafi har da hatimi da lambar takardar, ya turo kamar yadda aka bayyana a amsa ta 2.